Murhun da Na Kasa Sayar wa Mai Ƙosai

Shagon Kawu yana Gwange, a bakin wani layi da ke gangarawa kogi. Tun ina ƙarama tukwane da langa da farantai yake sayarwa. Shekarar da na gama difloma na yi ta yawo da takarduna ofis-ofis har takalmina ya cinye, sai ya kira ni ya ce in zo in zauna masa a shago, ƙafarsa ta fara ba shi wahala. Na zo, amma da kumburi na zo. Gani nake ni da na yi boko an ajiye ni cikin kwanuka, kuma duk wanda ya shigo sai ya ji a bakina cewa na yi makaranta, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

A wannan shekarar ce Kawu ya fara kawo wani murhu mai tsimin itace. Jikinsa ƙarfe ne, cikinsa an yaɓe shi da gasasshen yumɓu, yana da ƙaramin baki inda ake tura itace, da 'yar hanya a ƙasa inda iska ke shiga, ga hannaye biyu na ɗauka. Masu kawo shi sun tara mu wuni guda suka yi mana bayani, suka ba kowa takarda. Ni kuwa abin nema ya samu. Na haddace takardar nan tas, har kaurin ƙarfen da nauyin murhun da sunan fentin da aka shafa masa. Duk wanda ya ko kalli murhun sai in buɗe baki kamar rediyo, ba na tsayawa sai na kai ƙarshen shafi.

Wata ranar Asabar da hantsi, Kawu ya kai tukwane Zabarmari, wata dattijuwa ta tsaya a ƙofar shago. Na san fuskarta sama-sama. Ƙosai take soyawa da safe a wata kwana can cikin unguwa, ƙarƙashin wata darbejiya, kuma tana cikin mutanen da rikici ya koro daga ƙauyukansu suka shigo gari. Idanunta jajaye ne, irin na wanda ya daɗe a bakin hayaƙi. Muka gaisa irin gaisuwarmu ta nan, wushe-wushe, ya gida, ya zafi, ya gajiya, har sai da kowa ta gamsu. Sannan ta nuna murhun da haɓa ta ce wata maƙwabciyarta ce ta ce mata akwai shi, ta zo ta gani da idonta.

Ta tsuguna ta shafa shi. Ta leƙa cikinsa. Ta tura yatsu a bakin, ta ce ƙanƙane ne. Cikin maganarta, ba tare da na tambaya ba, ta ce ita ba ta sayen itace, in ta saya ribar ƙosan ta tafi. Maigidanta ne, tsoho, yake hawa kekensa ya fita bayan ramin da aka haƙa ya kewaye gari, ta wajen Khaddamari, ya saro mata. Sau huɗu a mako yake fita. Ta ce itatuwan kusa sun ƙare, yanzu sai an yi nisa, kuma duk ranar da ya fita ba ta iya haɗiyar abinci sai ta ji ƙarar kekensa a ƙofar gida.

Babu wanda ke zaune a garin nan da bai san ma'anar wannan maganar ba. Bayan ramin nan daji ne, kuma a dajin akwai waɗanda ba ma son kiran sunansu, sai dai mu ce yaran nan. Masu itace suna fita, wasu su dawo, wasu a ji labari. Na ji abin da ta ce da kunnuwana biyu. Amma wallahi a lokacin hankalina yana kan inda zan fara karatuna, jira kawai nake ta rufe baki in buɗe nawa.

Tana yin shiru na fara. Na ce mata ƙarfen mai kauri ne, ba ya tsatsa da wuri. Na ce cikinsa gasasshen yumɓu ne da aka gasa a wuta mai tsanani. Na ce an tsara hanyar iskarsa yadda ƙonuwa za ta cika. Na faɗa mata nauyinsa, na faɗa mata tsayinsa, na ce fentin ba ya ɓarewa ko an yi shekara ana girki. Har da Turanci na riƙa jefawa don ta san ba da wasa nake ba. Tana ta gyaɗa kai tana cewa to, to, irin to ɗin da babba ke yi wa yaro in yana ba da labarin mafarkinsa.

Da na tsaya shan iska ta tambaye ni ko kaskonta zai zauna a kai. Na ce mata faɗin samansa kaza ne, na kira mata lamba. Ta dube ni, ta dubi murhun. Ita da ba ta taɓa auna kaskonta da komai ba sai da hannunta, me lamba za ta yi mata? Sai ta sa hannu ta taɓa ƙullin bakin zanenta. Na ga ƙullin, na san kuɗin adashinta ne ta ɗauka, na san kuma a shirye ta zo. Ta riƙe shi jim kaɗan, ta sake shi.

“'Yata, kayanki mai kyau ne,” ta ce. “Amma duwatsuna uku ba su taɓa cin kuɗina ba. Bari in yi shawara.”

Ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta tafi. Ni kuwa na cika na batse. Na ja tsaki na mayar da murhun mazauninsa, ina cewa a raina mutanen ƙauye sai a hankali, ka ɓata yawunka a banza. Har maƙwabcinmu mai gyaran fanka na ba labari, ina kwaikwayon yadda take cewa to, to. Yau in na tuna da wannan kwaikwayon sai in ji kamar in haƙa rami in shige.

Washegari Kawu ya dawo. Ina ba shi labarin kasuwa sai na kawo ƙarar matar, wai ta tsayar da ni kusan rabin awa ba ta sayi ko cokali ba. Kawu mutum ne marar gaggawa, bai yi boko ba, amma shekara arba'in yana ciniki. Ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan tabarma ya ce in maimaita masa duk abin da ta ce, da duk abin da na ce, kada in rage. Na maimaita. Da na zo wurin maigidanta da keke da sau huɗu a mako, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya tambaye ni me na ce mata a kan wannan. Na ce ban ce komai ba, ai ba a kan murhu take magana ba.

Sannan ya ce in ɗauko murhun in ajiye a gabansa, shi ne mai ƙosan, in sayar masa.

Na fara da yumɓun, na ce cikinsa gasasshen yumɓu ne. Ya ce, “Sai me?” Na ce yumɓun yana riƙe zafi, ba ya barinsa ya watse gefe kamar yadda yake watsewa a tsakanin duwatsu uku. Ya ce sai me. Na ce to zafin duk yana hawa gindin kasko. Ya ce sai me. Raina ya fara ɓaci, na ce haba Kawu, ai a fili yake, itace kaɗan zai yi aikin da mai yawa yake yi. Ya ce sai me. Na buɗe baki zan yi masa tsiwa, sai na fasa. Na ce a hankali, itacen da ake ƙonawa kwana ɗaya zai kai kusan kwana biyu. Ya sake cewa sai me, wannan karon muryarsa ƙasa-ƙasa.

Na ce, “Tsohon ba sai ya fita sau huɗu ba.”

“To nan ne za ki fara,” in ji Kawu. “Ke kuma ko isa wurin ba ki yi ba.”

Daga nan ya yi mini bayanin da malamaina na boko ba su taɓa yi mini ba. Ya ce kowane kaya yana da siffa, yana da amfani, kuma ba abu ɗaya ba ne. Siffa ita ce abin da ke jikin kayan, ƙarfe, yumɓu, nauyi, fenti. Tana nan ko an saya ko ba a saya ba, kuma iri ɗaya ce ga kowa. Amfani kuwa shi ne abin da zai canza a gidan mai saye in ya kai kayan gida, shi ya sa amfanin wannan ba shi ne na wancan ba. Mai tuwo-tuwo a tasha, abin da ya dame ta kuɗin itace ne. Amarya a ɗaki ɗaya, hayaƙin da ke baƙanta mata bango da labule. Mai ƙosan nan kuwa, mijinta. Ya ce siffa ba abin yarwa ba ce, ita ce hujja. Ka fara da amfani, in an ce yaya za a yi haka ta yiwu, sai ka nuna yumɓun. Ni kuma na tara mata shaidu ban faɗi ƙarar da aka kawo ba.

Muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Hanyar iskar da na kira cikar ƙonuwa, ma'anarta hayaƙi kaɗan, ma'anar wannan kuma jajayen idanun nan su huta, ƙirji ya daina tari. Hannayen ɗauka, in hadari ya taso ta kinkime shi ta shige rumfa ba sai ta tashi kasuwa ba. Faɗin gindinsa, kasko cike da tafasasshen mai ba zai goce ya kife ba. Da ta tambaya ko kaskonta zai zauna, ya ce ba lamba take nema ba, tsoro take ji kada ta zubar da kuɗinta. Da na ɗauko kasko irin nata daga cikin shago na ɗora ta gani, da magana ta ƙare, tunda gani ya kori ji.

Ya kuma ja mini kunne. Ya ce kada in ƙara wa kaya abin da ba shi da shi. Murhun nan yana son busasshen itace, a faskara shi sirara kamar yatsu biyu, in an cusa masa ɗanyen gungume zai yi hayaƙi kamar kowane murhu. Dole in faɗa wa mai saye wannan tun kafin ya biya. Kuma kada in kuskura in tsorata mutum don ya saya, in ce masa in bai saya ba kaza zai same shi. Ya ce wannan ba ciniki ba ne, ƙwace ne. Abin da zan yi shi ne in faɗi abin da kayan zai rage masa, in yi shiru, in bar shi ya auna da kansa.

Ni dai ba a gama da ni cikin sauƙi. Na ce Kawu, duk wannan sai ka san halin da gidan mutum ke ciki, a garin nan kuwa wa yake tambayar mutum gidansa? Ya san abin da nake nufi. Watanni kafin nan wata mata ta zo sayen tukunya, na tambaye ta don in san girman da zan ba ta, ku nawa ne a gida. Ta fara ƙirgawa da yatsu, ta kai bakwai, ta tsaya, ta fara naɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya tana faɗin inda aka rabu da kowa. Ta ƙare da uku, ta zauna a dandaryar shago ta yi ta kuka. Tun ranar na rufe bakina daga tambaya. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Mukan yi gaisuwa mai tsawo, ya gida, ya yara, a ce lafiya, amma babu mai cewa yara nawa, ko ina wane. Kowa ya koyi taka ƙasa a hankali. Takardar da na haddace ta zame mini maɓoya, don ƙarfe da fenti ba sa sa kowa kuka.

Kawu ya ce ya ji, kuma gaskiya ce. Amma akwai tambayar da ba ta taɓa ciwo. Ba sai na ce ku nawa ne ba, sai in ce mudu nawa kike dafawa. Ba sai na ce ina mijinki ba, sai in ce itacen saye kike yi ko kawo miki ake yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ka tambaye shi labarin ruwan sama, zai nuna maka wurin da kansa.

“Wannan kuma ba ki da uzuri,” ya ce. “Ba ki tambaye ta ba, ita ta kawo miki da kanta ta ajiye a gabanki, kika tsallake. Gobe ki ɗauki murhun ki je inda take suya, ki hura shi kusa da nata, ta gani.”

Na ce to. Ban je ba.

Ba zan yi wa kaina ado ba. Girman kai ne ya fara hana ni. Ni ce zan kinkimi murhu in bi layi ina neman mai ƙosai? Na ce a raina mai so zai dawo. Sai ruwa ya sauko kwana biyu layinmu ya zama taɓo, na samu abin fakewa. Sai kuma darasin Kawu ya fara aiki a shago. Na daina karatu, na fara tambaya. Wata mai abinci na ce mata itacen da take saye na kwana biyu zai kusa kai ta huɗu, na hura mata ta gani, ta ɗauki biyu. Wani magidanci da matarsa ke fama da tari na nuna masa yadda wutar ke ci ba hayaƙi sosai, ya ɗauka bai ja ciniki ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har na fara koya wa mai gyaran fanka yadda zai sayar da tsofaffin fankokinsa. Kawu ya tuna mini sau biyu, ina cewa gobe. Haka aka ci kusan mako uku.

Ranar da na tashi zuwa, na shirya tsaf. Na faskara itace sirara na ɗaure, na sa murhun a buhu, na tsara maganata a kai: Iya, wannan zai sa Baba ya riƙa hutawa a gida. Ina tafe ina maimaitawa. Na isa gindin darbejiyar da sassafe, lokacin da ya kamata a ce mutane sun kewaye ta da kwanukansu. Babu kowa. Duwatsun nan uku suna nan baƙi ƙirin, ruwan sama ya wanke tokar da ke tsakaninsu.

Wata mai sayar da koko a tsallake ta ga ina waige-waige, ta tambaye ni wa nake nema. Na faɗa mata. Ta ajiye ludayinta ta ce ashe ban ji ba. Kwana shida ke nan. Su biyar suka fita, yaran nan suka rutsa da su suna cikin sara, biyu suka tsira da gudu. Washegari aka je aka ɗauko sauran. Tsohon yana ciki.

Na zauna a kan buhun. Mai kokon ta ɗauka 'yar'uwarsu ce ni, ta riƙa ba ni haƙuri, ni kuwa na kasa ce mata ni ba kowa ba ce, mai shago ce kawai. Ta nuna mini gidan. Na bar buhun a wurinta na shiga. Ɗaki ɗaya ne a wani gidan haya, mata zaune a tabarma. Na durƙusa na ce Allah ya jiƙansa, ya ba da haƙuri. Ta amsa ba ta ɗago ba, ban ma san ko ta gane ni ba. A jikin bango na ga ragowar itace an jera shi da kyau, manya a ƙasa, ƙanana a sama.

Da na koma shago na faɗa wa Kawu, ya yi salati, ya yi wa mamacin addu'a. Bai ce ai na gaya miki ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi, don da na samu wanda zan yi wa faɗa. Na ci gaba da ciniki. Ina gaya wa kaina kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, babu mai wuce ranarsa. Amma sanin haka bai hana ni jin muryata tana karanta kaurin ƙarfe ba, ita kuma tana riƙe da ƙullin zanenta.

Bayan ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, sai ga ta a ƙofar shago. Ta rame, mayafin ya yi mata yawa. Kawu yana masallaci. Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya, ta ce ta gane ni ranar, ta gode. Ta ce za ta koma suya don babu mai ciyar da ita, kuma yanzu sayen itace za ta riƙa yi. Ta ji ana cewa murhun nan ba ya cin itace, gaskiya ne ko zancen 'yan kasuwa ne?

Ban yi mata jawabi ba. Na ce ta zauna a benci. Na jera duwatsu uku a ƙofar shago, na ajiye murhun a gefensu. Na raba itace gida biyu daidai a gabanta, na ce ta duba ko na yi coge. Na ɗora tukwane biyu iri ɗaya, ruwa kwano ɗaya-ɗaya, na hura duka. Na faɗa mata sai busasshe, sai an faskara shi sirara, in ba haka ba ba zai yi abin da za ta gani ba. Na ɗauko kasko irin nata na gwada mata a kai, ya zauna daram. Muka zuba ido. Ruwan duka ya tafasa, muka bar shi yana ci. Lokacin da itacen duwatsun ya ƙare ƙurmus, na murhun saura kusan rabi a ajiye ba a taɓa ba.

Ta sunkuya ta ɗauki ragowar itacen ta riƙe a cinyarta. Ta juya shi, ta sake juyawa. Na ga leɓɓanta suna motsi. Na san abin da take aunawa, na roƙi Allah a raina kada ta kai ƙarshe, amma mai ƙosai ba a koya mata lissafi.

“Ke nan da sau biyu zai riƙa fita,” ta ce.

Na ce, “Kusan haka, Iya.”

“Wancan zuwan da na yi, murhun nan ne dai?”

“Shi ne.”

“Ba ki faɗa mini ba.”

Babu faɗa a muryarta. Da tsawa ta yi mini da na iya ɗauka. Na so in ce na faɗa, ai na ce yumɓun gasasshe ne, na ce an tsara hanyar iska. Duk gaskiya na faɗa mata ranar, ko ɗaya ban yi ƙarya ba, kuma ko ɗaya ba ta shafe ta ba. Na ce, “Ban faɗa ba, Iya. Ki yafe mini.”

Ta ce babu komai, kwanansa ne ya ƙare. Ta kwance ƙullin zanenta ta biya. Na so in ce ta bar shi, ta girgiza kai tun kafin in ƙarasa, ta ce ita ba bara ta zo ba. Na sa mata murhun a buhu, na ɗaure ragowar itacen na haɗa mata, na taya ta ɗorawa a ka. Ta taka ta kai bakin kwata, sai ta tsaya ta juyo da dukan jikinta saboda kayan da ke kanta.

“Asabar da Litinin da Laraba da Alhamis yake fita,” ta ce. “Ranar Laraba ce suka same shi. Ke da kika yi makaranta, in biyu za a cire, Laraba tana cikin waɗanda za a cire ko waɗanda za a bari?”

Ta tsaya tana jira da gaske, kamar akwai amsar a cikin takardata. Na ce ban sani ba. Ta gyaɗa kai ta ce ita ma abin da za ta yi ta tambayar kanta ke nan, ta juya ta bi layi da murhun a ka.